Yadda Ake Ƙulla Yarjejeniyar Hayar Gona: Kuɗin Haya, Rabon Amfani, Wa'adi da Gyaran da Manomi Ya Yi

Rigimar hayar gona tana da lokutanta guda biyu. Na farko ranar rabon amfani, na biyu ranar da mai gona ya ce yana son gonarsa, alhali manomi ya gina rijiya a ciki, ya kuma shekara biyu yana zuba mata taki. Na sha zama tsakanin masu gona da masu haya ina rubuta musu takarda, kuma abin da na gani shi ne duk maganar da za ta haddasa faɗa a ƙarshe ana iya kashe ta tun kafin a sa fartanya a ƙasa, lokacin da kowa yake da fara'a kuma babu wanda ya zuba kuɗinsa tukuna. Wannan bayani na wanda zai ba da gona ne ko zai karɓa a karon farko. Zan fi tsayawa a kan lissafin rabo da maganar gyara, domin nan ne aka fi cutar juna ba da niyya ba.

Abin da za ka tanada

- Takardar da ke nuna mallakar gonar, ko wata shaida da hukumar wurin ta yarda da ita.
- Igiyar awo ko tef, ko waya mai manhajar auna fili.
- Waya mai kyamara, don ɗaukar hoton iyakoki da duk abin da ke cikin gonar.
- Takarda da biro, da tawadar dangwala yatsa idan akwai wanda ba ya sa hannu.
- Shaidu biyu aƙalla, ɗaya daga kowane ɓangare, waɗanda ba su da rabo a amfanin.
- Ƙaramin littafi na daban, wanda za a riƙa rubuta kuɗin da aka kashe a gonar.
- Labarin abin da gonar ta bayar a shekaru 3 zuwa 5 da suka wuce.

Na ƙarshen nan shi aka fi mantawa, kuma duk lissafin da zai biyo baya a kansa yake. Idan mai gona bai riƙe lissafi ba, tambayi wanda ya noma ta kafin kai da maƙwabtan iyaka. Kada ka tambaye su shekarar da ta fi kyau kawai. Ka ce su gaya maka ta albarka, ta tsaka-tsaki da wadda aka sha wuya.

1. Tabbatar mai ba ka gonar yana da ikon bayarwa

Kafin maganar kuɗi, ka san da wa kake magana. Gona tana iya zama ta gado da ba a raba ba, ɗaya daga cikin magada ya ba ka ita, sauran ba su sani ba. Tana iya kasancewa a jingine a hannun wani, ko an kafa ta a matsayin jinginar bashin banki. Wani ma haya ya karɓa, yana son ya sake ba ka haya ba da sanin mai ita ba. A duk waɗannan, takardarka ba za ta tsare ka ba ranar da mai haƙƙi na gaskiya ya bayyana.

Idan ta magada ce, a sa sunayensu duka, ko a kawo rubutaccen wakilci. Idan babu takardar mallaka, a kira maƙwabtan iyaka su tabbatar a gaban shaidu, a rubuta cewa sun tabbatar. Kai kuma mai gona, ka bayyana a layin farko cewa haya ce, ba sayarwa ba, ba jingina ba, ba kyauta ba. Bayan shekara goma, 'ya'yan wanda ya karɓa ba za su tuna yadda aka yi ba, takardar ce za ta tuna.

2. Ku zagaya gonar tare, ku rubuta halin da take ciki

Ku taka iyakar da ƙafa, ku da shaidu. A auna faɗin, domin gonar da ake kira hekta 2 sau da yawa ba ta kai ba, ko kuma akwai fako da kwazazzabo da ba sa nomuwa. Haya a kan filin da ake nomawa ake yin ta. A ɗauki hoton kowace kusurwa da alamar da ke wurin.

Daga nan a rubuta abin da aka tarar: itatuwa nawa ne kuma waɗanne iri, akwai rijiya ko babu, tana da ruwa ko ta ƙafe, shinge a tsaye yake ko ya zube, ina ruwa yake kwanciya, ina ƙasa ta zaizaye, wane ɓangare ne ƙuduji ya kama. Idan da halin gwajin ƙasa, a yi, a liƙa sakamakon a takardar. Idan babu, hotuna da bayanin shaidu sun wadatar.

Mutane suna ganin wannan mataki ɓata lokaci ne, amma ba za a iya cewa manomi ya gyara gona ko ya lalata ta ba sai an san yadda ya same ta. A nan kuma ake faɗin wa ke da 'ya'yan itatuwan da aka tarar, da wanda ya isa ya sare reshe.

3. Zaɓi tsakanin tsayayyen kuɗin haya da noma mu raba

Bambancin su biyun shi ne wanda zai ɗauki asarar mummunar shekara. A tsayayyen kuɗin haya, mai gona ya san abin da zai samu ko an yi fari ko an yi ambaliya, manomi ne ke ɗauke da kasada duka, amma duk abin da ya ƙaru saboda ƙwazonsa nasa ne shi kaɗai. A noma mu raba, ana cin daɗi tare a sha wuya tare, sai dai mai gona dole ya sa ido, kuma dole a yarda da juna wajen awo.

Shawarata ita ce: manomin da ke da jari, da kayan aiki, da abin da zai jure shekara guda ta asara, ya karɓi tsayayyen kuɗi. Haka mai gonar da ke nesa, wanda ba zai iya zuwa ranar girbi ba. Manomin da bai da abin biya kafin kaka, ko gonar da amfaninta ke hawa da sauka sosai, noma mu raba ya fi musu.

Idan kun zaɓi tsayayyen kuɗi, a rubuta adadin, da ranar biya, da abin da zai faru idan an makara. Biya gaba ɗaya kafin shuka yana cinye kuɗin da manomi zai sayi taki, gonar ce kuma za ta ji a jikinta. Na fi son a raba biyu: wani kaso lokacin karɓar gona, ragowar bayan girbi da makonni kaɗan, yadda manomi ba zai karyar da amfaninsa a lokacin da farashi ya fi faɗuwa ba. Idan hayar ta wuce shekara 2, a faɗi yadda za a sake duba kuɗin, domin darajar kuɗi tana raguwa. Wasu suna kauce wa wannan ta hanyar yanka haya da buhunan hatsi. Wanda ke bin mazhabar Malikiyya ya sani cewa malamanta ba su yarda a yi hayar ƙasa da abinci ko da abin da take tsirarwa ba, kuma akwai saɓanin malamai a kan wasu surorin noma mu raba, don haka ya nemi fatawa kafin ya zaɓi tsari.

Idan noma mu raba ne, ga kuskuren da nake roƙon ka guje masa: kada a ce amfanin wannan ɓangaren na mai gona ne, na wancan na manomi. Ruwa yana iya cinye ɓangare ɗaya ya bar ɗayan, mutum ɗaya ya tashi a tutar babu. Hadisin Rafi'u ɗan Khadij ya hana irin wannan ƙulli saboda wannan dalilin, alhali mutanen Khaibar an bar musu ƙasa a kan rabin abin da ta fitar. Rabo ya zama kaso ne na dukan abin da gonar ta bayar: rabi, sulusi ko rubu'i. Kada kuma a haɗa kaso da sharaɗin cewa dole wani ya fara cire buhu kaza, domin a shekarar fari wannan buhu kazan shi ne amfanin duka.

4. Lissafa kason kowa daga abin da ya kawo

Mutane da yawa suna cewa "rabi da rabi" don kawai haka suka ji ana yi. Hanya mafi adalci ita ce a ƙiyasta abin da kowa ya kawo, a raba amfani daidai da hakan. Bari mu bi misali ɗaya. Alƙaluman na koyarwa ne, kai za ka sa na gonarka, kuma na mayar da komai zuwa darajar buhun hatsi don lissafin ya yi sauƙi.

Gona ce hekta 2. Da za a ba da ita tsayayyen haya, kuɗin zai kai darajar buhu 10 a shekara. Wannan shi ne abin da mai gona ya kawo. Manomi zai yi huɗa da kayan aikinsa, darajar buhu 4. Shuka, noman farko, maimai da sauran ƙwadago, har da guminsa na kansa, buhu 12. Girbi da sussuka buhu 4. Nasa ya kama 20. Jimla 30, don haka mai gona yana da sulusi, manomi yana da kashi biyu cikin uku. Ka lura na sa wa aikin hannun manomi kuɗi. Idan ba a sa ba, an mayar da shi mai aikin banza.

Saura iri, taki da maganin feshi, a ce darajar buhu 9. Waɗannan ban sa su a gefen kowa ba da gangan. A raba kuɗinsu yadda za a raba amfani: mai gona ya biya 3, manomi ya biya 6. Ga dalili. A ce takin buhu 6 zai ƙara amfani da buhu 9. Idan manomi ne kaɗai zai saya, zai kashe 6, kasonsa daga ƙarin ya zama 6, bai ci komai ba, mai gona kuma ya samu 3 a sama. Duk mai hankali zai rage takin, gonar ta ba da kaɗan, su biyun su yi asara. Idan an raba kuɗin, manomi ya kashe 4 ya samu 6, mai gona ya kashe 2 ya samu 3, kowa yana son a zuba. Mai gonar da ya ƙi sa hannu a kuɗin taki yana ganin ya yi dabara, alhali kansa ya rage wa.

Yanzu mu gwada shekaru uku. A shekara ta tsaka-tsaki an samu buhu 39. Mai gona ya ɗauki 13, a cire 3 da ya kashe, saura 10, daidai da hayar da zai samu. Manomi ya ɗauki 26, a cire 6, saura 20, daidai da aikinsa. Wannan ne ke nuna maka lissafin ya zauna. A shekarar albarka an samu 48: mai gona ya tsira da 13, manomi da 26. A shekarar fari an samu 21: mai gona 4, manomi 8. Da tsayayyen haya aka yi, manomi zai biya 10 na haya da 9 na kayan noma, ya rage da 29 a shekarar albarka, amma buhu 2 kacal a ta fari. Ka ɗora waɗannan alƙaluma a gaban mutanen biyu, su zaɓa da idonsu a buɗe.

Idan mai gona bai da kuɗin biyan kasonsa na taki a farkon damina, manomi ya biya duka, a rubuta a littafi, a cire masa daga kason mai gona ranar rabo. Idan kuma mai gona ne zai kawo iri, taki da shanun huɗa, a sake lissafin, kasonsa zai hau zuwa rabi ko fiye. Wasu ƙasashe sun sa wa wannan iyaka a doka. A Faransa, a ƙa'ida kason mai gona ba ya wuce sulusi. A jihar Bengal ta Yamma a Indiya, manomin da ya kawo kayan noma da kansa yana riƙe kashi 75 cikin 100. Duba dokar inda gonar take kafin ku tsayar da kaso.

5. Tsara ranar awo tun yanzu

Kaso mai kyau ba ya hana zargi idan ba a faɗi yadda za a auna ba. A rubuta cewa manomi zai sanar da mai gona kwanaki kaza kafin girbi, kuma ba za a kwashe komai daga gona ko masussuka ba sai shi ko wakilinsa yana nan. Idan an sanar da shi bai zo ba, a auna a gaban shaidu biyu, a ajiye masa nasa. Ba daidai ba ne amfani ya zauna a fili ruwa ya dake shi don ana jiran mutum.

A yi awo da sikeli idan akwai, domin buhu suna ya tara. Idan babu, a yi amfani da ma'auni guda ga kowa, kuma bayan amfanin ya bushe an sheƙe shi. A faɗi wanda zai biya kuɗin buhuna da na dako. A kuma faɗi makomar kara da harawa, da abin da aka shuka a tsakanin kunyoyi, da wanda aka ɗiba ɗanye kafin girbi. Ƙananan abubuwa ne, amma na ga zumunci ya ɓaci a kan harawa.

6. Yanka wa'adi da damina, kuma ya dace da aikin da za a yi

Kada a rubuta "shekara uku" kawai. A rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma ƙarshen ya faɗo bayan an gama kwashe amfani, kafin lokacin sharar gona. A fayyace ko noman rani yana ciki. A ƙara cewa idan wa'adi ya cika da amfani a tsaye saboda damina ta makara, manomi zai zauna har ya girbe.

Tsawon wa'adi shi ke nuna yadda za a riƙe gonar. Mai hayar damina ɗaya ba shi da dalilin zuba takin gargajiya, ko gyara magudanar ruwa, ko juya shuka, tunda wani ne zai ci moriyar. Zai tatsi ƙasar ya tafi, kuma ban ga laifinsa sosai ba, tsarin ne ya koya masa. Shi ya sa Faransa ta sa mafi ƙarancin wa'adin hayar gona ya zama shekara 9. Ba kowa zai iya sakin gonarsa haka ba, amma ga hatsi ina ganin shekara 3 zuwa 5 ta fi damina ɗaya nesa ba kusa ba. Idan ba ku san juna ba, ku yi shekara guda ta gwaji, da sharaɗin cewa idan an biya haya kan lokaci kuma ba a saɓa komai ba, za ta zarce zuwa shekara 4 a kan sharuɗɗan da aka riga aka rubuta.

Sai sanarwar rabuwa. Duk wanda ba ya son a sabunta ya faɗa a rubuce, watanni 6 kafin ƙarshe ko aƙalla kafin girbin ƙarshe, don ɗayan ya nemi mafita. A rubuta laifuffukan da za su sa a karɓe gona kafin lokaci: ƙin biyan haya bayan an yi gargaɗi, ba wa wani gonar ba da izini ba, sare itatuwa, haƙar ƙasa ko yashi don sayarwa. A kuma amsa tambayoyi biyu da ake jin nauyin yi: idan ɗayanku ya rasu fa, idan mai gona ya sayar fa? Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a rubuta cewa magada da mai saye za su cika wa'adin. Doguwar haya a ƙasashe da yawa ba ta da ƙarfi a kotu sai an yi mata rajista, don haka idan ta wuce shekara 3 a nuna wa lauya.

7. Gyaran da manomi zai yi

Asalin ƙa'ida a dokoki da yawa ita ce abin da aka kafa a ƙasa ya bi ƙasa. Wato idan ba a rubuta komai ba, rijiyar da manomi ya haƙa da kuɗinsa tana iya zama ta mai gona ranar da ya fita. Ta ɗaya gefen kuma, mai gona yana tsoron a yi masa gine-ginen da bai nema ba, a kawo masa lissafin da ba zai iya biya ba, ko a dasa itatuwa a wayi gari ana cewa ai gonar ta mai dashen ce. Duka tsoron biyu gaskiya ne, kuma maganinsu ɗaya: izini a rubuce kafin aiki, da lissafin diyya tun ranar. Dokar hayar gona ta Ingila da Wales ta 1995 a kan haka ta tsaya, manomi ba ya samun diyyar gyara sai mai gona ya amince a rubuce.

Ku kasa gyara gida uku. Na farko kula ta yau da kullum, kamar toshe ɓarakar shinge da yashe magudana. Wannan aikin manomi ne, babu diyya. Na biyu abin da ake iya ɗauka, kamar injin ban ruwa, bututun da aka shimfiɗa a sama da rumfar da ba a kafa da siminti ba. Na manomi ne, ya kwashe cikin kwanakin da aka yanka, ya cike ramin da ya bari. Na uku abin da zai zauna: rijiya, shingen waya, ɗakin ajiya, aikin tare zaizaya, itatuwa. Wannan ne ke buƙatar izini da lissafi.

Ga yadda ake lissafin. Manomin misalinmu yana da hayar shekara 5, yana son ya haƙa rijiya a shekarar farko don noman rani. Kafin ya fara, su zauna su yarda a kan abu uku: iyakar kuɗin da za a kashe, shekarun da za a ɗauka rijiyar za ta yi tana aiki, da wanda zai riƙa gyara ta. A ce kuɗin ya kai darajar buhu 24, sun yarda a kan shekara 8. Kowace shekara tana cin buhu 3 ke nan. Idan ya cika shekara 5 ya fita, ya mori 15, mai gona zai biya shi darajar buhu 9. Idan mai gona ya karɓi gonarsa bayan shekara 3, zai biya 15. Idan an sabunta haya har ta kai shekara 8, babu bashin kowa, rijiya ta zama ta gona. Wannan lissafi yana kuma hana mai gona kwaɗayin korar manomi da zarar ya ga gonar ta yi kyau, tunda korar da wuri ta fi tsada.

Abubuwa uku suke ɓata wannan tsari. Rashin rasit shi ne na farko: duk abin da aka saya da ladan masu aiki a shigar a littafi, mai gona ya sa hannu idan an gama. Na biyu, a manta cewa diyya tana kan abin da ke aiki ne. Rijiyar da ta rufta ko ba a samu ruwa ba, ba ta ƙara wa gona komai ba, don haka a faɗi tun farko wa zai ɗauki asarar idan aka haƙa ba a dace ba. Na uku, mai gona ya ƙara kuɗin haya saboda rijiyar da manomi ya haƙa. Wannan biya biyu ne, kuma zalunci ne. A rubuta cewa ba za a sa gyaran manomi cikin dalilan ƙarin haya ba har shekarun lissafin su ƙare.

Idan mai gona ya san ba zai iya fitar da diyya a dunƙule ba, akwai hanyoyi. A riƙa rage kuɗin haya kowace shekara har kuɗin aikin ya fita. Ko a tsawaita wa'adi ya kai shekarun gyaran. Ko mai gona ya sayi kayan, manomi ya sa ƙwadago. Ko manomin da zai shigo ya biya mai fita.

Takin gargajiya yana da nasa hukunci, domin ƙarfinsa ba ya ƙarewa a damina ɗaya. Ku yarda a kan ma'auni mai sauƙi, misali idan manomi ya fita bayan girbi ɗaya a mayar masa rabin kuɗin, bayan biyu rubu'i, bayan uku babu. Takin zamani irin yuriya ba ya shiga nan, amfaninsa na daminar da aka zuba shi ne. Itatuwa kuwa, shawarata kada a dasa su a gajeriyar haya. Mangwaron aure ma yakan ɗauki shekara 3 zuwa 5 kafin ya fara 'ya'ya. Idan dole za a dasa, a rubuta adadi da wurin, a rubuta ƙarara cewa dashen ba ya ba manomi haƙƙin mallakar ƙasa, sannan diyya ta kasance a kan itatuwan da suka rayu.

8. Karantawa da sa hannu

A rubuta da harshen da su biyun suke ji. A karanta da ƙarfi a gaban shaidu, sakin layi bayan sakin layi, ana tsayawa ana tambaya ko an gane. A sa hannu ko a dangwala a kowane shafi, da kwanan wata. Kowa ya riƙe kwafi, shaida ɗaya ya riƙe na uku, a kuma ɗauki hotonsa a waya. A sa sunan mutum ko ofishin da za a fara kai wa saɓani kafin kotu. Duk canjin da aka yi daga baya, ko na baki ne a bakin gona, a dawo a rubuta shi a ƙasan takardar. Haya tsakanin 'yan'uwa ita ta fi buƙatar wannan, domin su ne suka fi jin kunyar tambaya.

9. Ranar mayar da gona

Wata guda kafin wa'adi ya cika, ku sake zagaya gonar da takardar mataki na 2 da hotunan a hannu, tare da shaidun farko idan suna nan. A ƙirga itatuwa, a duba shinge, a ja ruwa a rijiya a gani. A lissafa diyyar da manomi yake bi, a cire hayar da ta rage da kuɗin ɓarnar da ta wuce tsufan yau da kullum. Abin da ya saura a biya kafin ya fita, ko a rubuta ranar biya. Idan an kasa daidaitawa a kan darajar wani abu, kowa ya kawo mutum ɗaya da ya san aikin, su biyun su zaɓi na uku, a bi abin da biyu daga cikinsu suka ce. Daga nan a rubuta a bayan takardar cewa an mayar da gona ranar kaza, ga abin da aka biya, ga abin da ya rage, su da shaidu su sa hannu.